Gola da Ƙasar da Bai Taɓa Takawa Ba

Na daɗe ina wasiwasin ko wannan labari ya kai a rubuta. Babu wanda ya mutu a ciki, babu wanda aka kora daga aiki. Magidanci ne mai furfura a gemu ya kasa sayen abu a cikin na'urar wasan ƙwallo, ya shiga damuwa har ya rame. Da na dawo gida na ba wasu labarin, suka ce in dai wannan ce matsalar mutanen waje, to a kai su can su ma su huta. Ban yi musu da su ba. Amma na san mutumin, shi ya rage mini tsawon wanduna duk shekarun da na yi ina karatu a can, kuma na ga fuskarsa a makonnin da abin ya faru.

Gola ake ce masa, saboda yana yaro shi ake turawa tsaron raga. Ba don ya iya ba, sai don wansa ne mai ƙwallon, kuma wan ba ya son a taka masa ƙani. Aikinsa ɗinki. A bayan wani shagon wanki da guga aka ware masa lungu, da keke guda, da fitila mai lanƙwasa, da madubi dogo wanda ya tsage a ƙasa. A nan yake rage wando, yana sa zif, yana buɗe kwat ɗin waɗanda suka yi ƙiba suna cewa injin wanki ne ya tsuke musu kaya. Ba ya ƙaryata kowa. Tef ɗin awo a wuya, allurai a baki, sai ya gyaɗa kai ya ce lallai injinan zamani ba su da tausayi.

Tun ranar da ya sauka a ƙasar yake cewa baɗi zai koma. Matarsa, wadda kowa ke kira Sista saboda tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ta sayi labule ya ce asara ce. Ta sayi tukunyar fure ya ce wa za a bar wa. Kwalin da ya ɗauko na'urar wasansa a ciki yana nan a kan kabad, da kumfarsa da ledarsa, yana jiran ranar tafiya. Sista kan ce a duk gidan kwalin nan ne kaɗai ya fi shi shirin komawa.

Na'urar kuwa tagwaye ce. Wansa, wanda yake kira Yaya, shi ya sayi biyu iri ɗaya kafin tafiyar, ya riƙe ɗaya ya ba shi ɗaya. Yaya shi ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, kuma mutum ne da bai iya waya ba. In an kira shi, gaisuwa ce: lafiya lau, yara lafiya, aiki da godiya, sai shiru, sai "to madalla". Amma ranar Asabar bayan la'asar, idan kowa ya zauna gaban talabijin ɗinsa ya maƙala abin kunne mai makirfo, suka haɗu a filin ƙwallo ta intanet, sai bakin Yaya ya buɗe. A tsakanin bugun kwana da bugun fanareti Gola ya ji an ba da 'yar Yaya ta fari. Ana cikin canja 'yan wasa ya ji cewa likita ya hana Yaya gishiri. Da ƙafar Inna, mahaifiyarsu, ta kumbura, sai da Yaya ya ci shi biyu ba ko ɗaya sannan ya faɗa masa, ya ƙara da cewa ta sauka, kada ya ta da hankalinsa, ya tsare ragarsa.

Yin wasa da wani ta intanet a irin wannan na'ura sai da biyan kuɗin shekara. Gola bai taɓa biya da hannunsa ba. Akwai mai shagon gem a unguwarsu ta gida, wanda ya buɗe musu akawun, wato rajistar kowa a cikin na'urar, tun farko. Duk shekara Yaya kan je wurinsa ya sayi kati biyu, ya turo wa Gola lambar ɗaya, shi kuma ya shigar, shekara ta sabunta. Haka ake yi, har ranar da wani abokin aikin Gola, mai guga, ya ji labarin ya yi dariya.

"Kai kana waje, yayanka na gida ne ke biya maka kuɗin wasa? Ai ni na ɗauka daga nan ake aikawa can."

Maganar ta zauna masa. Asabar ɗin da ta biyo baya, ana hutun rabin lokaci, ya gyara murya.

"Yaya, bana kada ka wahalar da kanka zuwa wurin mai shago. Ni zan biya nawa da kaina."

"Da me?"

"Ina da katin banki, Yaya. A nan komai da kati ake yi. Danna biyu ne."

Yaya ya ce, "To, manya. Allah ya ƙara buɗi." Da aka dawo daga hutun, ya zura masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafun mai tsaron gida.

Da shekarar ta ƙare, Gola ya dawo daga aiki, ya wanke hannu, ya zauna a kan kujerar da ta lotsa a tsakiya, ya shiga kantin da ke cikin na'urar. Ya ɗauko katin banki daga walat da yanga, don Sista tana kallo daga ƙofar kicin. Ya shigar da lambobin ɗaya bayan ɗaya da rimot ɗin wasa, aikin da ya fi zura zare a allura cin rai. Na'urar ta yi ɗan tunani ta ce ba za a iya amfani da wannan kati ba.

"Ko babu kuɗi a ciki?" in ji Sista.

"Jiya aka biya mu."

Ya sake, a hankali, yana karanta kowace lamba da ƙarfi. Amsa ɗaya. Ya karɓi katin Sista ya gwada, shi ma haka. Ya ce ƙila adireshi ne bai yi daidai da na banki ba, ya shiga wurin gyarawa. Ya rubuta sunan titinsu ya shiga, amma lambar gidan waya ta unguwar ta ƙi karɓuwa, wai ba irinta ba ce. Wurin sunan ƙasa kuwa ko taɓuwa ba ya yi. Bai tsaya karanta abin da ke rubuce a wurin ba, don a ransa ya riga ya san amsar: akawun ɗin a gida aka buɗe shi, ɗan gida ne.

Washegari mai guga ya ce masa ai da sauƙi, ya je babban kanti ya sayi katin caji, ga su nan rataye kusa da wurin biyan kuɗi. Gola ya je ya saya, ya zo gida ya kankare bayan katin da bakin almakashi, ya shigar da lambar. Na'urar ta ce wannan lamba ba ta aiki a yankin akawun ɗinsa. Ya koma kanti da katin da rasit. Yarinyar da ke wurin ta duba, ta ce katin lafiyarsa ƙalau, na kantin wannan ƙasa ne, kuma wanda aka kankare ba a mayarwa. Ta nuna masa inda aka rubuta haka a baya da ƙananan haruffa. Shi da ke ganin zare baƙi a kan baƙin yadi, bai ga wannan ba.

Ya kira masu kula da abokan ciniki a lokacin hutun cin abinci, yana zaune a kan kujerar keken ɗinki. Wani mai sanyin murya ya yi masa bayani. Kowane akawun yana da ƙasar da aka zaɓa masa ranar buɗewa, kuma a irin na'urarsa ba a canja ta. Kantin da akawun ke shiga na waccan ƙasa ne, don haka katin banki sai na can, katin caji ma sai na can. In yana so ya biya da kuɗin inda yake zaune, sai ya buɗe sabon akawun ya zaɓi wannan ƙasa.

"Sunana fa, da tarihin wasannina?"

"Suna nan a tsohon. Ba a kwashe su zuwa sabon."

Gola ya yi godiya ya kashe waya, bai jira sauran bayanin ba.

Da yamma Sista ta ce to ya buɗe sabon mana, tunda ga kati a hannu yana zaman banza. Ya ce a'a. Na farko, a tsohon akawun ne aka rubuta duk wasannin da suka buga da Yaya, har da ranar da ya ci shi biyar, wadda Yaya ke musantawa har gobe. Na biyu, sabon zai tambaye shi ƙasar da yake zaune, kuma in ya zaɓa ya zaɓa ke nan har abada.

"To ba a nan kake zaune ba?"

"Aiki nake yi a nan. Zama daban."

"Likitan haƙorinka a nan yake. Mai gidan haya ya san sunanka. Tattabarun tashar bas ma sun san ka."

"Wannan na'ura," in ji shi yana nuna ta da rimot, "ita kaɗai ce a gidan nan ta san ni ɗan ina ne. Ba zan je in gaya mata wata magana ba."

"Allah ya ba ka haƙuri, Malam. Ashe da 'yar garinku muke zaune ban sani ba, da na riƙa gaishe ta."

Hanya mai sauƙi tana nan: ya ce wa Yaya ya koma wurin mai shago. Amma bayan "danna biyu ne", bakinsa ya ƙi. Asabar ta zo, ya tura saƙo cewa aiki ya yi yawa, an kawo kayan biki. Yaya ya amsa da "to". Ta biyu ya ce intanet ɗinsu ne ya lalace. Yaya ya ce "Allah ya kyauta". Ta uku bai ma san me zai ce ba, ya kunna na'urar ya zauna. A gefen allo ga sunan Yaya da ɗigon da ke nuna yana kan layi. Gayyatar wasa ta shigo. Gola ya dube ta har ta ɓace, domin ko ya amsa, na'urar za ta ce ya fara biya. Sai daga baya ya tuna cewa shi ma Yaya yana ganin nasa ɗigon.

A makon ne na kai masa wando. Ya auna ƙafa ɗaya sau biyu ya manta ɗayar.

Matar Yaya ce ta kira Sista. Ta ce Yaya ya naɗe wayoyin na'urarsa ya sa a ƙarƙashin gado, ya ce yaro ya girma, ya sami abokan wasa na can, ba a tilasta wa mutum zumunci. Ta ce kuma akwai maganar da yake ta ajiyewa zai faɗa wa ƙaninsa ranar Asabar, ita ba za ta riga shi ba, amma a san abin yi.

Sista ta jira Gola ya ci abinci. Sannan ta kira Yaya a wayarta, ta buɗe murya, ta ajiye a kan tebur tsakanin kofuna.

"Yaya, ina wuni. Ya gida, ya Inna da ƙafa?"

"Lafiya lau, ƙanwata. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi. Ga ƙaninka nan, yana da magana. In ya ƙi faɗa ni zan faɗa, kuma tawa ta fi tsawo."

Gola ya harare ta. Ya gaida Yaya, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya har da wanda aka yaye, ya tambayi ruwan sama. Da tambayoyi suka ƙare, ya faɗi gaskiya: katin banki ya ƙi, katin caji ya ƙi, kuɗin shekara bai biyu ba, kunya ce ta hana shi magana.

Da ya gama, muryar Yaya ta fito daga wayar a hankali.

"Wato ba gudu na kake yi ba."

"Haba Yaya."

"Na ɗauka ka gaji da shan kashi ne, ko kuma ka gaji da ni. To me ya hana ka buɗe na can ɗin?"

Gola ya maimaita abin da ya gaya wa Sista, cewa akawun ɗin na gida ne, ba zai sauya shi da na baƙi ba. Sai suka ji wani sauti daga wayar kamar tari. Yaya ne ke dariya, irin wadda ba ya yi sai an ci ƙwallo da kuskuren mai tsaron gida.

"Wane gida? Kai Gola, Allah ya shirye ka. Ƙasarmu ai ba ta cikin jerin ma. Ranar da muka je, mai shago ya duba ya ce babu mu, ya zaɓa mana wata can ƙetaren teku, ya sa adireshin wani otal da ya samo a intanet. Duk wanda ya sayi na'ura a unguwar nan a otal ɗin yake. Ni da kai, da mai kemis, da 'ya'yan liman. Katin da nake turo maka ma na can ne, odarsa yake yi. Kai ba ka taɓa lura da irin kuɗin da ke jikin farashin ba?"

"Na ɗauka kuɗin na'ura ne kawai."

Sista ta tashi ta kunna na'urar, ta shiga wurin bayanan akawun, ta karanta sunan ƙasar a fili, sannan sunan titin, da ƙyar tana haɗa haruffan. Ta juyo ta dubi mijinta da ladabi.

"Sannu da zuwa, Malam. Ya mutanen otal? Shekara da shekaru kana kare mutuncin garinku, ko hotonsa ba ka taɓa nuna mini ba."

Yaya ya ce gobe zai je wurin mai shago ya sayo kati a huta. Gola ya ce a'a, ya riga ya ce shi zai biya. Suka fara ja-in-ja irin ta da. Sista ta ce su dakata. Ita ta kira masu kula da abokan cinikin da rana, kuma ta saurari bayanin har ƙarshe, ba kamar wasu ba. Na'ura ɗaya tana ɗaukar akawun fiye da ɗaya. In aka buɗe sabo na wannan ƙasa, aka zuba masa katin cajin nan, aka biya kuɗin shekara da shi, sannan aka saita cewa wannan ce na'urarsa ta gida, to duk wanda ke kan na'urar zai iya wasa ta intanet da wannan biyan. Tsohon akawun ba zai motsa ba, da sunansa da tarihinsa. Sabon ya biya, tsohon ya buga.

"Amma dai sai an zaɓi ƙasa," in ji Gola a hankali.

"Ni zan zaɓa. Ni a nan nake zaune, labulena shaida ne."

Ta karɓi rimot. Ba ta taɓa riƙe shi ba sai don share ƙura, amma ta rubuta sunanta da imel ɗinta, ta gangara jerin ƙasashe ta danna wadda suke ciki ba tare da ta waiwaye shi ba. Lambar gidan waya ta shiga. Ta ce ya miƙo katin, ya zaro shi daga walat inda ya lanƙwashe, ya karanta mata lambobin. Kuɗin suka faɗa. Ta biya, ta saita abin da aka ce ta saita, ta fita daga nata ta miƙa masa rimot da hannu biyu.

"Ga shi. Amma ka sani a ƙarƙashin inuwata kake. Ranar da ka bar mini zare a kan kafet, sai in cire saitin."

"Ƙanwata," in ji Yaya daga cikin waya, "Allah ya yi miki albarka. Bari in jawo tawa daga ƙarƙashin gado."

Ba Asabar ba ce, amma suka buga. Gola ya shiga da tsohon sunansa, gayyata ta zo, ya amsa, filin ya buɗe. Da Yaya ya ci ta farko, ya yi gyaran murya ya ce likita ya ce za a yi masa aikin ido, na hagu, ƙaramin aiki ne, wata mai zuwa. Ya ce shi ya sa kwanan baya yake barin ƙwallo tana wuce shi ta wannan gefe, kada wani ya ɗauka iyawarsa ce. Gola ya tambayi asibitin da wanda zai raka shi, Yaya ya amsa duka, dalla-dalla, abin da da a waya ne da "lafiya lau" zai rufe shi. Aka tashi uku da ɗaya. Gola ya ce ya bar masa ne saboda ba shi da lafiya.

Kafin in baro ƙasar na je karɓar wandona na ƙarshe. Na tarar an yi aikin idon lafiya, Yaya ya dawo yana gani ta ko'ina, abin da Gola ya ce bai amfane shi da komai ba. Kwalin yana kan kabad har yanzu, in ji shi, sai dai Sista ta cika shi da barguna. Yana cire allurai daga bakin wandon na tambaye shi, to yanzu a cikin na'urar shi ɗan wace ƙasa ne.

Ya ciji zare ya tofar, ya ɗan yi tunani.

"A rubuce ina otal tare da Yaya," ya ce. "Amma Sista ce ke biya mini kuɗin ɗaki."